Yadda ake gane lokacin ajiye littafi, da yadda ake zaɓen na gaba

Littafin da bai yi maka daɗi ba yakan ci lokacinka, kuma yakan tare hanyar sauran littattafai. Mutum ya sayi littafi, ya kai shafi na 40 ko na 60, ya ji ba ya jan sa, amma kunya ta hana shi ajiyewa. Ba ya karanta shi, kuma ba ya yarda ya buɗe wani, don yana ganin sai ya gama wannan tukuna. Haka wata biyu za su wuce littafin na kwance kusa da matashin kai, ƙura ta rufe bangonsa, wayar hannu ta cinye daren da aka saba karatu. Wasu daga cikin waɗanda suke cewa sun daina karatu a nan suka tsaya.

Kafin ka yanke hukunci, sai ka gano inda matsalar take. Wuri huɗu ne za ta iya kasancewa: a jikinka da lokacin da kake karatun, a harshen da aka rubuta littafin, a kwafin da ke hannunka, ko a littafin kansa. Na ƙarshen ne kaɗai ke sa a rabu da littafi gaba ɗaya, sauran ukun kowanne da maganinsa.

Fara da auna saurin karatunka

Ɗauki littafin, ka duba agogo, ka yi karatu na minti 15 yadda ka saba, ba gaggawa. Ƙirga shafukan da ka ci. A ce shafi 6 ne. Ke nan kana cin shafi 24 a awa guda. In rabin awa kake samu kowane dare bayan isha'i, shafi 12 ke nan a rana. Littafi mai shafi 320 zai ɗauke ka awa 13 da ƴan mintoci, wato kusan dare 27.

Yanzu ka ninka shafi 12 sau kwanakin shekara 365. Za ka samu shafi 4,380, wato littafi 14 da ɗoriya masu shafi 300. Wannan kuwa in ba ka yi fashin dare ko ɗaya ba, alhali akwai azumi, akwai biki da rasuwa, akwai daren da kuran ya ɗauke. Wanda ya san littafi goma zuwa goma sha huɗu ne rabonsa a shekara zai gane cewa wata guda da ya ba littafin da ba ya ƙaruwa da shi ya fita daga cikin wannan ɗan rabon.

Sa iyakar gwaji tun ranar farko

Kada ka bari sai ka gaji sannan ka fara tunanin ajiyewa, don a lokacin gajiyar ce za ta yanke maka hukunci. Ranar da ka buɗe littafin, sa ƴar takarda a shafin da za ka tsaya ka yi shawara.

Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amirka, Nancy Pearl, ta shahara da wata ƙa'ida mai sauƙi: ka ba littafi shafi 50. In shekarunka sun haura 50, ka cire su daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Mai shekara 60 zai tsaya a shafi na 40 ke nan. Ƙa'idar tana aiki ga littafi mai shafi 250 zuwa 350, amma ba ta dace da duk abin da ke hannun masu karatu a Yamai ba. Littattafan hikaya na Hausa da ke shigowa daga Kano sau da yawa kashi-kashi ne, kowane kashi siriri, kuma shafi 50 na iya zama rabinsa. Ga irin waɗannan, ɗaya bisa biyar na kashin farko ya isa: in shafi 100 ne, tsaya a na 20. Babban littafi mai shafi 600 ko fiye, musamman tsohon rubutu da ke fara labari daga kakanni da tarihin gari, ka ba shi 70 zuwa 80, don irinsa yakan daɗe kafin ya tashi.

Gwajin yana da sharaɗi guda wanda ake yawan karyawa: a yi shi cikin kwana bakwai, kuma kowane zama kada ya gaza minti 20. Wanda ke karanta shafi biyu yau, uku bayan kwana huɗu, bai gwada littafin ba. Kafin ya koma ya manta wane ne wane, ya manta inda aka kwana, sai ya ɗora wa marubuci laifin ruɗani alhali tazarar ce ta jawo.

In ka kai iyakar, duba kanka tukuna

Karatu yana son jiki mai sauran ƙarfi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai da Tawa ke haura digiri 40, wanda ya wuni a kasuwa ko a buro ya dawo ya kwanta tsakar gida da fitilar waya, ko wane littafi ka ba shi barci zai ɗauke shi a shafi na uku. Haka mai azumi bayan buɗa-baki, haka ɗalibin da jarrabawa ta sa gaba, haka mai jego.

Gwajin wannan ba wuya. Ɗauko wani littafi da ka taɓa karantawa ka ji daɗinsa, ka buɗe shi a daidai lokacin da wurin da ka saba. In shi ma ya gagare ka, sabon littafin ba shi da laifi. Sauya lokaci: bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau zafi, ko safiyar Lahadi. Ajiye wayar a wani ɗaki. Ka ƙara wa littafin shafi 20 a wannan sabon lokaci kafin ka ce komai. In kuwa tsohon littafin ya ja ka nan take, to jikinka lafiya lau, sai a ci gaba da bincike.

Wanda ke yawan kawo jarida kusa da ido, ko kansa ke ciwo bayan minti goma na karatu, ya je a auna masa ido. Mutane da yawa da suka haura shekara 40 suna zaton sha'awar karatu ce ta gushe, alhali tabarau suke bukata.

Sai harshe

Wannan shi ne wurin da ya fi shafar mai karatu a Nijar, don yawancinmu muna karatu da harshen da ba shi muka sha a nono ba, ko kuma da namu amma a rubutun da ba a koya mana a lakwal ba.

Buɗe shafi uku daban-daban waɗanda suke cike da rubutu. A kowanne, naɗe yatsa ɗaya duk lokacin da ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba kuma ba ka iya cankarta daga jimlar ba. Masu binciken koyon harshe sun nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya bi labari cikin sauƙi ba tare da ƙamus ba. Shafin littafin aljihu yakan ɗauki kalma 250 zuwa 300, don haka baƙin kalmomi biyar ko shida a shafi su ne iyaka. In yatsun hannu ɗaya sun ƙare tun ba ka kai ƙasan shafi ba, kuma haka abin yake a dukkan shafukan uku, littafin ya fi ƙarfin Faransancinka ko Larabcinka na yanzu. Wannan ba aibi ba ne ga littafin, ba kuma aibi ba ne gare ka. Rubuta ranar a kayenka, ka mayar da shi kanta, ka karanta biyu ko uku masu sauƙi a harshen, ka dawo bayan wata shida ko shekara ka sake ƙirga. Irin wannan littafi jinkirta shi ake yi, kada ka sayar ko ka kyautar.

Littafin Hausa yana da tasa matsalar. Mutumin Tawa ko Dogon Dutsi da ya yi karatunsa duka da Faransanci, ranar da ya fara buɗe littafin da aka rubuta da Hausar Kano zai ga idonsa na tuntuɓe. Harafin c da ya saba karantawa ta wata hanya ga shi da wata murya, u ba ta Faransanci ba ce, ga ƙ da ɗ da ɓ, ga kuma kalmomin aro daga Ingilishi a inda ya saba jin na Faransanci. Maganin shi ne ya karanta shafi goma na farko da murya, a hankali. Kunne ya riga ya san harshen, ido ne bai saba ba, kuma in an haɗa su biyun, cikin zama uku ko huɗu tuntuɓen ke raguwa. Kada a yanke wa littafin Hausa hukunci kafin wannan sabon ya samu.

In fassara ce kake karantawa kuma jimlolin suna da nauyi, suna karkacewa, mai yiwuwa mai fassarar ne bai iya ba. Shahararrun littattafai sukan samu fassara fiye da ɗaya, sai ka nemi wata ka gwada shafi guda da shafi guda.

Kwafin da ke hannunka ma yana iya zama sanadi. Fotokopi mai dishi-dishi, bugun satar fasaha mai ƙananan haruffa, ko littafin da aka ɗauka hoto aka zuba a waya wanda sai ka riƙa ja da yatsa hagu da dama, duk suna gajiyar da ido har mutum ya tsani labarin. Nemi wani kwafi a ɗakin karatu ko wajen aboki kafin ka ce labarin ne.

Alamun cewa littafin ne da kansa

In jiki lafiya, harshe bai gagara ba, kwafi kuma mai kyau ne, sai a tuhumi littafin. Rufe shi, ka gwada ba wani labarin abin da ka karanta a jimla uku, ko a fada wajen shan shayi ko a gida. Wane ne labarin ke bi? Me yake nema? Me ya tare masa hanya? In bayan shafi 50 da ka karanta a natse ba ka iya amsa waɗannan ba, marubucin bai kafa labarinsa ba. In ka iya amsawa, saura tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: akwai abin da kake son ka sani a gaba? Ko da mutum ɗaya ne kake son ganin yadda za ta ƙare masa, ko da haushinsa kake ji. Jin haushin wani a cikin labari alama ce mai kyau, don marubucin ya taɓa ka. Abin da ke kashe littafi shi ne ka ga ko a mutu ko a yi rai duk ɗaya ne gare ka.

Ka bambanta wuya da rashin daɗi, don a nan masu karatu nagari suke kuskure. Littafi mai wuya yana sa ka tafi a hankali, ka koma baya, amma in ka rufe shi wani abu na biyo ka: wata jimla, wata tambaya, wani abu da ka ga ya yi kama da na gidanku. Littafi maras daɗi kuwa kana iya gudu a cikinsa, ka ci shafi goma, ka ɗago kai ba ka riƙe komai ba. Na farkon a rage sauri a ci gaba, ko da shafi biyar ne a rana. Na biyun shi ake ajiyewa.

Akwai wata cuta da ta fi yawa a littattafai masu kashi-kashi da kuma waɗanda ake sakewa shafi-shafi a waya, wato jan labari don ya yi tsawo. Za ka gane ta in ka ga shafi uku sun tafi a kan kwatanta falo da mota da kayan da amarya ta sa, ko an maimaita faɗa iri ɗaya tsakanin mutum biyu sau uku ba abin da ya sauya bayansa. Tsallake shafi goma ka ci gaba. In ba ka ji ka rasa komai ba, labarin bai motsa ba a cikin goman nan, kuma da wuya ya sauya hali a gaba.

Kafin hukuncin ƙarshe, yi leƙe biyu. Buɗe daidai tsakiyar littafin ka karanta shafi biyu, sannan ka buɗe wajen kashi uku bisa huɗu ka karanta biyu. Wasu suna ƙin wannan don kada su ɓata wa kansu labari, amma littafin da kake shirin ajiyewa ba abin da zai ɓaci. In ka tarar abubuwa sun sauya har ka ji kana son sanin yadda aka yi aka kai nan, koma inda ka tsaya ka ci gaba, kana tsallake wuraren da suka yi sanyi. Marubucin Faransa Daniel Pennac, wanda ya daɗe yana koyarwa a makaranta, ya jera haƙƙoƙi goma na mai karatu a wani littafinsa na 1992, kuma a cikinsu akwai haƙƙin tsallake shafuka da haƙƙin ƙin gama littafi.

Littafin ilimi, kamar na tarihi ko kasuwanci ko kiwon lafiya, gwajinsa daban ne. Ba dole ka bi shi daga farko ba. Duba jerin babuka, ka zaɓi babin da ya taɓo abin da ka riga ka sani sosai. In littafin tarihin ƙasar nan ne kuma kai mutumin Adar ne, karanta abin da ya ce a kan Adar. In ya yi kuskure ko ya yi ta kewaye-kewaye a inda kake iya kama shi, kada ka amince masa a inda ba ka iya kama shi. In kuwa babi biyu ne kawai cikin goma suke da abin da kake nema, karanta biyun nan ka rufe, littafin ya gama yi maka aikinsa.

Duk wannan bai shafi littafin da aka ɗora maka ba. Wanda ke cikin tsarin jarrabawa, ko wanda kake ɗauka gaban malam a zaure, ba a ajiye shi don ya yi nauyi. Shi sai a raba shi gida-gida: ƙirga shafukan, raba su da kwanakin da suka rage, ka nemi abokin karatu.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wata malamar makaranta a Yamai da ta sayi littafin hikaya na Faransanci mai shafi 320 a kan jika uku, wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa, don wata abokiyar aikinta ta yaba shi. Mako uku sun wuce tana shafi na 70. Da saurinta na shafi 12 a dare, da tuni ta wuce shafi na 250, don haka akwai matsala.

Ta ɗauko wani tsohon littafi da take so, ta karanta shafi 15 a zama ɗaya a daren nan, ke nan ba gajiya ba ce. Ta ƙirga baƙin kalmomi a shafi uku, ta samu huɗu, uku, biyar, duk ba su haura iyaka ba. Bugun mai kyau ne. Ranar Lahadi da safe ta ƙara shafi 20, ta kai na 90. Ta iya faɗin labarin a jimla uku, amma da ta tambayi kanta abin da take son sani a gaba, ba ta samu ba. Ta leƙa shafi na 160 da na 240, ta tarar mutumin nan dai yana zaune yana tunanin abin da ya wuce, kamar yadda yake yi tun shafi na 30.

Abin da ya rage mata shi ne jika ukun nan, kuma su ne suka fi riƙe mutane. Amma kuɗin sun riga sun fita, ko ta gama littafin ko ba ta gama ba mai littafi ba zai mayar mata ba. Abin da ke hannunta har yanzu shi ne shafi 230 da suka rage, wato kusan dare 19. Tambayar ita ce ko za ta ƙara dare 19 a kan jika uku. Ta ajiye.

Abokiyar da ta yaba littafin kuma ba sai an ɓata mata rai ba. Ya isa a ce mata: “Yaya, na kai shafi na 90 bai kama ni ba. Ke me ya fi burge ki a ciki?” Wani lokaci amsarta za ta nuna abin da ba a lura da shi ba, har a koma. Wani lokaci kuma za ta nuna cewa ɗanɗanonku ya bambanta, sai a san yadda za a auna shawararta nan gaba. In littafin aro ne, a mayar cikin makon nan, don riƙe littafin mutane wata da watanni ba a karantawa shi ke sa gobe a hana ka.

Layi ɗaya a kaye

Kafin littafin ya bar hannunka, rubuta sunansa, shafin da ka tsaya, da dalili a layi ɗaya. Kada ka rubuta “bai yi daɗi ba”, don wannan ba zai taimake ka ba gobe. Malamar nan abin da ya kamata ta rubuta shi ne: “Shafi na 90. Mutum ɗaya, tunani da yawa, ba abin da ke faruwa.” Wani zai rubuta “mutane sun yi yawa, na kasa riƙe sunaye”, ko “wa'azi ya fi labari yawa”, ko “na san ƙarshen tun shafi na 20”. Haka kuma ka yi wa waɗanda ka gama da daɗi, ka faɗi abin da ya riƙe ka.

In layukan nan sun kai goma, karanta su a jere. Za ka ga dalili ɗaya ko biyu suna ta dawowa, kuma da su za ka shiga kasuwa.

Zaɓen na gaba

Littafin da ke biyo bayan wanda aka ajiye aikinsa shi ne ya dawo maka da al'adar karatu, don haka ya zama gajere, shafi 120 zuwa 200, a harshen da ka fi sakewa, kuma akasin dalilin da ka rubuta. Malamar da ta gaji da tunanin mutum ɗaya ta nemi labari mai tafiya da hira da yawa. Ka fara shi cikin kwana biyu ko uku. In aka bar tazarar ta kai mako biyu, wani abu zai zauna a gurbin rabin awar nan. Babban littafin da ka daɗe kana buri, bar shi sai ka gama wannan.

In za ka nemi shawara, kada ka ce “wane littafi ne mai kyau?”, don kowa zai ba ka wanda shi yake so. Ka ce: “Na ji daɗin wane da wane saboda kaza, na ajiye wane saboda kaza, me za ka ba ni?” Ma'aikacin ɗakin karatu, kamar na Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda a Yamai, ko tsohon mai sayar da littattafai da ya san kayansa, da wannan tambayar zai iya yi maka aiki. In ka samu hanyar aro, fara da aro ga duk marubucin da ba ka taɓa karantawa ba, ka bar saye ga wanda ka riga ka gwada.

A gaban mai littafi, ba wa kowane littafi minti biyar. Abin da aka rubuta a bayan bango talla ne, ka karanta shi don sanin batun kawai. Karanta shafin farko gaba ɗaya, sannan ka buɗe wani shafi a tsakiya. Shafin farko marubuci ya fi goge shi, na tsakiya shi ke nuna yadda rubutunsa yake a kullum. A shafin tsakiyar nan ka yi ƙirgar yatsu. In ka kai ƙasan shafin ka ji hannunka na son juyawa, alama ce mai ƙarfi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai ka duba jikin littafin, musamman na hannu da na bugun araha. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake naɗewa, galibi shafi 16 ko 32 a ƙunshi guda, shi ya sa in shafuka za su ɓace ko su maimaitu, a dunƙule suke yi. Sa babban yatsa a gefen littafin ka saki shafukan a hankali kana kallon lambobi, ka ga ko sun yi tsalle, a ce daga 96 zuwa 113. Duba shafin ƙarshe ka tabbata labarin ya ƙare da cikakkiyar jimla. Buɗe tsakiya a hankali ka ga gam ɗin: wanda ya daɗe a rana yakan bushe, in ka ji ya yi ƙara ko ka ga shafi na ɗagowa, zai warwatse kafin ka kai rabi. Ƙananan ramuka da ke ratsa shafuka aikin gara ne ko ƙwaro, kada ka kai shi cikin sauran littattafanka. Ka kuma duba bango da shafin ciki ko an ce cikakken rubutu ne ko taƙaitawa, don wasu shahararrun littattafan Faransanci suna da bugun da aka rage wa ƴan makaranta. Littafin ilimi kuwa ka duba shekarar bugu: ga hikaya tsufa ba ya cutarwa, amma ga doka da lafiya da na'ura, bugun shekara ashirin da suka wuce na iya ɓatar da kai.

Ga littafi mai kashi-kashi, tambayi mai kaya kashi nawa ne duka, kuma ko dukkansu suna nan a hannunsa. In sun cika, sayi na ɗaya kawai, ka ce masa za ka dawo. In na ƙarshe bai fito ba, ko ya ce sai an kawo daga Kano, jinkirta. Haka ga labaran da ake sayarwa a waya, inda ake sakin shafukan farko kyauta sannan a biya kuɗi a ga sauran: shafukan kyautar su ne aka fi ƙawatawa, don haka kafin ka tura kuɗi tambayi wanda ya riga ya biya ko an kammala labarin, da kuma ko tsakiyarsa ta riƙe ƙarfin farkonsa.

Kada ka fito da littafi fiye da biyu a fita ɗaya, ko da an yi maka rangwame. Ɗaya shi ne wanda za ka fara a daren nan, ɗayan kuma shi ke jira in na farkon bai tsallake gwaji ba. Da ka isa gida, kafin ka karanta layin farko, ƙirga shafukan gwajin ka sa ƴar takardarka a wurin, ka rubuta ranar a kaye.